Lambobin da Baffa Ya Ƙi Karantawa

Yayana ne ke riƙe da ƙofar magazan ɗinmu, wato gidan ajiyar kaya, a Zongo tun kafin mahaifinmu ya rasu. Kamyo, babbar motar kaya, ya iso daga Malanville da albasa, shi zai ba direba layi, shi zai ce wane shiga, wane dakata. Duk wanda ya san direban albasa ya san ba aikin fara'a ba ne. Mutum ya kwana biyu a hanya, kaya na zufa a ƙarƙashin tampol, mai kaya na damunsa da waya, ya iso Kwatano kuma a ce masa sai gobe. Mai magazan yana gida yana shan fanka. Wanda ke tsaye a ƙofa shi direba ke gani, shi kuma zai huce a kansa.

Ƙungiya biyu ta 'yan dako ke sauke mana kaya, babba da ƙarama. 'Yan ƙaramar duk mutanen Jugu ne, kuma akwai wani mako da suka tafi gida jana'iza gaba ɗayansu. Motoci suka taru. Wani direba ya shaƙe Yaya da wuyan riga ya sa masa kai a baki, haƙorinsa na gaba ya karye. Ina zaune a buro, ofishinmu, ina kallo ta taga, na ga ya tofar da jini ya ci gaba da cewa, "Malam, layinka bai zo ba." Haka yake. Ni ce mai zuciya a gidanmu, shi ko an taka shi sai ya ba da haƙuri.

Shekara na zagayowa, Baffa, ƙanin mahaifinmu wanda magazan ya koma hannunsa, ya ce zai sallami ƙaramar ƙungiyar. Hujjarsa ɗaya ce, kuma ya maimaita ta har na haddace. A rana mota uku ke zuwa in an daidaita, babbar ƙungiya kuma mota uku take saukewa, har da ɗan ƙari. To me ake da wasu ƙarti suna kwance a inuwa suna cin gyaɗa?

Ni na yi karatun sufuri da ajiyar kaya, shi ya sa aka ba ni buro. Na ce, "Baffa, ba kullum uku ke zuwa ba. Ran da ɗaya ta zo, ƙarfin da ya rage ba ya kwana a jira gobe. Amma ran da biyar suka zo, motar da ta rage tana kwana."

Ya ce, "Ke dai yayanki kike wa yaƙi."

Na ce ƙwarai kuwa, shi nake wa yaƙi, in ban yi masa ba wa zai yi. Amma na ce ya ba ni yini ɗaya mu gwada kakar albasar a takarda kafin mu gwada ta a jikin mutum. Kuma don kada ya ce na murɗe lissafi, shi da kansa zai riƙa karanto lambobin, ni sai rubutu kawai. Wannan ya yi masa daɗi, don Baffa yana son a ce abu a hannunsa yake.

Na ɗauko kayen ƙofa, littafin da Yaya ke rubuta motocin kowace rana a ciki, na ƙirga rana ɗari na kakar bara. Rana goma mota ɗaya ta zo, rana ashirin da biyar mota biyu, rana talatin uku, rana ashirin da biyar huɗu, rana goma biyar. Sai na raba lambobi ɗari daidai da haka: 01 zuwa 10 mota ɗaya, 11 zuwa 35 biyu, 36 zuwa 65 uku, 66 zuwa 90 huɗu, 91 zuwa 00 biyar, ita 00 tana tsaya wa ɗari. Saukewar babbar ƙungiya kuma na duba ranakun da aiki bai yanke musu ba, don su ne ke nuna ƙarfinsu na gaskiya. Cikin kowane goma, biyu mota biyu suke saukewa, galibi saboda ruwan sama, biyar mota uku, uku mota huɗu. Wato 01 zuwa 20 biyu, 21 zuwa 70 uku, 71 zuwa 00 huɗu.

Akwai wani teburin lambobi a bayan tsohon littafina na lekol, wato makaranta, shafi guda cike da lambobi bibbiyu a jere, ba tsari, ba wadda ta san wadda ke biye da ita. Amfaninsa ke nan gaba ɗaya. Ka rufe ido ka ɗora yatsa, daga nan ka gangara ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ba zaɓe ba tsallake. Na yi wa Baffa wannan bayani sau biyu, ya ce ya ji, shi ba yaro ba ne.

Muka zauna bayan azahar, shi da gilashinsa a kan hanci, Yaya a tsaye a bakin ƙofa. Baffa ya ɗora yatsa ya zaɓi layi ɗaya na isowa, na gefensa na saukewa. Ni kuma na ja layuka a takarda: waɗanda suka kwana jiya, waɗanda suka iso, jimla, waɗanda aka sauke, waɗanda za su kwana.

"Hamsin da biyu," in ji Baffa. Mota uku. "Talatin da bakwai." An sauke uku, ba wadda ta kwana. Ya dube ni ta saman gilashi, ban kula shi ba.

Rana ta biyu 06 ta fito, mota ɗaya tak, ga 82 a saukewa, ƙarfin mota huɗu. Na rubuta an sauke ɗaya. Ya ce ina sauran ukun, a ajiye masa su mana. Na ce sun tafi da ranarsu, ba a sauke motar da ba ta zo ba. Rana ta uku 88, mota huɗu, saukewa 14, biyu kawai, biyu suka kwana. Rana ta huɗu 94, mota biyar, da biyun jiya bakwai, saukewa 45, uku, huɗu suka kwana. A nan ya daina murmushi.

Rana ta biyar na ga yatsansa ya tsaya, sannan ya zame ƙasa.

"Ashirin da uku," ya ce.

Na leƙa na ce, "Baffa, ai 97 ce a nan. Ka tsallake."

"Na gan ta."

"To karanta ta."

"Ba zan karanta ba. Jiya biyar, yau ma biyar? Wannan ai ba dace ba ne, mai buga littafin ne ya yi ganganci. Kuma ni ba zan zauna da bakina in yi wa dukiyata mugun fata ba."

Wallahi da farko na ɗauka wasa yake. Amma na san gidanmu. Ba a cewa mota za ta faɗi, ba a cewa kaya za su ruɓe, ko yaro ya ce "in gobara ta tashi" sai an buge masa baki. Baffa mutum ne da ko lissafin asara sai ya ce a kira shi "abin da Allah ya rage". Na sassauta murya na ce masa lamba ba addu'a ba ce, ba kuma duba ba ce, ba ta kiran mota ba ta korar mota. Manyan lambobi kan zo a jere kamar yadda motoci kan zo a jere, in an cire su an cire ainihin abin da muke nema.

Ya ce, "Rubuta biyu."

Na ce, "Biyar zan rubuta. Da huɗun jiya tara. Lambar saukewa 60, uku. Shida za su kwana, filinmu kuma biyar yake ɗauka. Ta shidan a titi za ta kwana, direbanta kuma wuyan wa zai kama?"

Ban rufe baki ba na ji mari. Kunnena ya ɗauki ƙara, ɗankwalina ya faɗi. Ni da 'ya'yana biyu, a buro, a gaban leburori da suka taru a taga. Na miƙe na ɗauki abin huda takarda na ƙarfe, kuma ba zan yi ƙarya ba, kansa na nufa. Yaya ya riƙe mini hannu ya murɗe shi ta baya har sai da na saki. Yana cewa, "Ke, baffanki ne. Baffanki ne." Na ce masa ya sake ni, sakaran banza, kai ake wa wannan faɗan. Bai sake ni ba sai da ya fitar da ni tsakar fili.

Baffa ya zauna shi kaɗai ya ƙarasa wata guda da hannunsa. Duk inda babbar lamba ta biyo babbar lamba sai ya haye ta. Layinsa bai taɓa wuce mota huɗu ba, ya fito yana kaɗa takardar yana cewa ga lissafin 'yar boko ya gaskata shi.

Ni kuma na tafi da littafin gida, kuncina a kumbure, na fara daga inda ya ɗora yatsa na yi rana ɗari ba tsallake. Da babbar ƙungiya ita kaɗai, layin kan kwanta na ɗan lokaci, sannan ya hau ya ƙi sauka, har ya kai mota goma sha ɗaya. Na sake bi da lambobin nan dai, na ƙara mota biyun da ƙaramar ƙungiya ke saukewa kullum. Sau biyu kacal mota ta kwana, ita ma ɗaya ɗaya. Na san in na ɗora yatsa a wani wuri adadin zai canja, don haka washegari na sake daga wani shafi. Wannan karon tara ne mafi yawa, amma labarin bai canja ba.

Na kai wa Yaya, don Baffa ya daina amsa gaisuwata. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To wace rana ce za su kai goma sha ɗayan?"

Na ce takarda ba ta san rana ba, ta dai san ranar na zuwa. Na roƙe shi ya bar ƙofar nan, ko ya ce ba zai tsaya ba sai an bar ƙungiya biyu. Ya ce ƙofar Baba ce, ba zai bar ta ga bare ba, kuma ba zai ja da Baffa a gaban mutane ba. Ya kai wa Baffa takarduna da ladabi, a durƙushe. Baffa ya yaga su biyu ya ce a kai wa mai ƙosai.

Ran da aka sallami mutanen Jugu ma sai da aka zub da jini. Shugabansu ya ce 'yan babbar ƙungiya ne suka kai gulma don su cinye aikin, aka kama kokawa a kan buhunan albasa, wani ya fasa wa wani gira da katako. Yaya ne ya shiga tsakani, ya fito da riga a yage. Suka kwashe tabarminsu suka koma wani magazan wajen Gbégamey.

Makonnin farko lafiya ƙalau, abin haushi. Mota biyu, uku, wata rana ɗaya. Baffa kan shigo ya tsaya a tsakar fili ya ce da ƙarfi, don in ji, "Ina motoci goma sha ɗayan? Ko suna Parakou suna shan shayi?" Leburori su yi dariya. Ni dai ina rubuta na gaskiya a layukan nan guda biyar kowace yamma, ina haɗiye abin da ke bakina.

Sai albasa ta faɗo gaba ɗaya daga arewa, ruwan farko kuma ya sauka. Aka yi kwanaki motoci na zuwa huɗu, biyar, biyar, 'yan dako na sauke biyu ko uku, don ba a buɗe tampol cikin ruwa. Fili ya cika. Motoci suka jeru a titi har gaban shagon mai walda, masu zemijan, 'yan acaba, na zagi, maƙwabta na zagi, polis sun zo sau biyu. Albasa ta fara tsiyaya ta ƙasan motoci, wani baƙin ruwa mai wari da ke bin kwata, har a cikin masallaci ana jinsa. Matan da suka yi odar kaya suka zo suka zauna a bakin buro suna tsine wa duk wanda ya wuce. 'Yan dakon kuwa sun gaji, wuyansu ya saɓule, ba mai iya ƙara buhu ɗaya. Na aika a kira mutanen Jugu ba da sanin Baffa ba, suka ce sun kama aiki, kuma ko ba su kama ba sai wanda ya kore su ya zo da ƙafarsa.

Safiyar da abin ya faru mota goma ne a layi. Ta ƙarshe, wadda ta iso da asuba, kayan Baffa ne na kansa. Ya bugo waya daga gida ya ce a shigar da ita gaba. Ina jin Yaya yana cewa, "Baffa, akwai mai kwana uku a nan. Baffa, a yi haƙuri, mutanen nan a wuya suke." Ya saurara, ya ce to, ya sa wayar a aljihu. Na fito na tare shi na ce kada ya kuskura. Ya ce, "Koma ciki, ki kulle ƙofa."

Mai kwana ukun wani dogo ne ɗan Parakou, idanunsa jajur don rashin barci. Da ya ga motar Baffa ta fito daga baya tana raɓa layi, sai ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ɗauko sifanar taya. Sauran direbobi da yaran motarsu suka biyo shi. Dutse na farko ya tarwatsa gilashin motar Baffa, na biyu ya sami wani ɗan dako a ƙeya ya kifa. 'Yan dako suka fito da katakai. Daga nan ban ƙara gane wa ke dukan wa ba. Ana ihu da Hausa da Dendi da Fon, albasa na yawo a sama, wani na kwance ana tattaka shi, wata mata ta cire takalmi tana dukan duk kan da ta samu. Wani yaron mota ya finciko mini mayafi, na ɗaga kujerar ƙarfe na sauke masa a kafaɗa, kuma har yau ban yi nadama ba.

Yaya ya ga in suka shigo fili za a yi kisa, sai ya ruga ya rufe ƙofar. Ƙofar ƙarfe ce mai nauyi, yana tura ta da kafaɗa, hannunsa na dama a bakinta wajen ginshiƙi yana lalubar sakata. Dogon ya sauke masa sifana a gadon baya, bai saki ba. Direban Baffa kuwa, jini na zuba a fuskarsa, ana jan ƙofar motarsa za a fito da shi, ya tsorata ya taka mai don ya faɗa ciki. Gaban motar ya daki ƙofar, ƙofar ta haɗe da ginshiƙi.

Ban ji ƙarar Yaya ba. Ƙarar ƙarfe na ji, sannan faɗan ya mutu da kansa, kowa ya ja baya. Yana tsaye, goshinsa a jikin ƙofa, kamar mai jiran a buɗe masa. Sai da direban ya yi baya aka iya zaro hannun. Dogon da ya doke shi, shi ya cire rigarsa ya naɗe abin da ya rage, yana kuka yana salati, shi ya ɗauke shi a kafaɗa zuwa mota. A hanya kan Yaya na kan cinyata, jini ya jiƙa mini zani har ƙafa, yana ta tambayata ko an rufe ƙofar.

Likita ya ce ba abin da za a ɗinka. Daga wuyan hannu suka yanke.

Baffa ya zo asibiti da yamma da ledar lemo. Ya tsaya a bakin gado ya ce ƙaddara ce, bawa ba ya wuce abin da aka rubuta masa. Mahaifiyarmu ta ce haka ne, Alhaji. Ni na ce, "Na yarda da ƙaddara, Baffa. Amma ƙaddara ba ta tsallake lamba ba, kai ka tsallake." Mahaifiyarmu ta daka mini tsawa. Na ɗauki ledar lemon na wurga ta waje ta taga, na bi bayanta ta ƙofa, don in na ƙara minti ɗaya a ɗakin nan zan yi abin da za a daɗe ana faɗi a Zongo.

Cikin mako guda ya je Gbégamey da ƙafarsa ya dawo da mutanen Jugu. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban ƙara zama inda yake zaune ba. Na bar buron, na kama aiki a wani kamfanin sufuri a hanyar Sèmè, inda ake yin irin wannan lissafi a na'ura, dubban ranaku kafin ka ƙifta ido. Tsanar da nake masa ba ta ragu ba. An yi mini wa'azi a kai har na gaji da ji.

Yaya ya yi wata biyu kafin ya yarda ya ci abinci a gaban mutane. Matarsa kan kai masa ɗaki ta ja labule. Ran wata Juma'a na je gidan, ya ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yau da iyalinsa zai ci. Aka kawo tuwo da miyar kuɓewa. Ya ɓoye dungun a cikin hannun riga, ya yi bisimilla, ya sa hannun da ya rage masa. Lomar farko ta suɓuce ta faɗa masa a cinya. Muka yi kamar ba mu gani ba. Ya sake yankowa, a hankali, ya kai baki.

'Yarsa ƙarama, wadda ba ta kai shiga lekol ba, ta tsaya da cin nata tana kallonsa. Sai ta miƙa hannu ta ɗan buge masa yatsu, daidai yadda shi yake yi mata.

Ta ce, "Baba, ba a ci da hagu."

Ya ce, "Haka ne, uwata." Ya janye hannun daga kwanon ya ɗora a gwiwa, miya na ɗiga daga yatsunsa.